Gwangwanin da Ke Auna Ƙarfin Lantarki

Ɗauki doguwar waya miƙaƙƙiya, wadda caji ya bazu daidai a jikinta. Yaya ƙarfin filin lantarkinta yake a gefe? Dokar Gauss ta ba da dabara: ka ƙaddara a ranka cewa ka zura wayar ta tsakiyar gwangwanin madara mai tsawon L, tazarar bangonsa daga wayar kuma r.

Layukan filin suna fita ne a tsaye daga jikin wayar, kamar sifokin keke. Saboda haka murfi da gindin gwangwanin ba abin da ke ratsa su. Bango kaɗai ake lissafawa, faɗinsa 2πrL. Cajin da ke ciki λL ne, inda λ yake nufin cajin kowace mita. Da an daidaita su sai L ya fice, a samu E = λ/(2πε₀r).

Mu gwada. In kowace mita tana ɗauke da maikrokulom 1, a tazarar santimita 10 filin ya kai kusan bolt 180,000 a mita. Ka ja baya zuwa santimita 20, ya koma 90,000. Rabi ke nan, ba rubu'i ba kamar na ɗigon caji, kuma nan ɗalibai suka fi tuntuɓe.

Dogon bututun ƙarfe mai caji fa? Daga waje, tamkar wayar ce a tsakiyarsa. A ciki kuwa gwangwaninka bai kama caji ba, filin sifili ne.

Sai dai kada ka yi wannan lissafi kusa da ƙarshen wayar. Can layukan sun karkata, amsar za ta kuskure.