Kafin a taɓa kalkuleta: taswirar da ke nuna hanya

Ɗalibin injiniya yakan karanta lissafin da malami ya warware, ya gane kowane layi, amma ranar jarrabawa ya rasa ta inda zai fara. Dalili kuwa shi ne, misalin ya nuna masa abin da aka yi, ya ɓoye abin da ya sa aka zaɓi wannan hanya. Maganin shi ne a tono waɗannan zaɓe-zaɓen, a zana su a taswirar tambayoyi mai kibiyoyin "e" da "a'a".

Mu ɗauki ƙaramar gadar ƙarfe mai sanduna 7 da mahaɗai 5, uku a ƙasa, biyu a sama. Tsawonta mita 8, tsayinta mita 3, an rataya nauyin kilonuton 12 a mahaɗar tsakiya. Ana neman ƙarfin da ke kan sandar sama kaɗai.

Malami ya fara da ƙirga: sanduna 7 da ƙarfin madogara 3 sun ba da 10, daidai da ninki biyu na mahaɗai, wato m + r = 2j. Akwatin farko ke nan: lissafin ya daidaita? In hagu ya gaza, gadar ba za ta tsaya ba. In ya zarce, dokokin daidaito kaɗai ba za su wadatar ba, sai kibiya ta nufi hanyar da ke la'akari da miƙewar ƙarfe.

Daga nan ya raba nauyin, kilonuton 6 a kowace madogara, sai ya yanka gadar a kan takarda. Me ya sa bai bi mahaɗai ɗaya bayan ɗaya ba? Domin sanda guda ake nema. Ga akwati na biyu: duka sandunan ake so, ko kaɗan? In duka ne, a bi mahaɗai, a fara da wadda ba ta da sandunan da ba a sani ba fiye da biyu.

Akwati na uku shi ne aka fi mantawa, kuma a ganina shi ne ginshiƙin taswirar: yankan ya ratsa sanduna uku ne ko ƙasa da haka? Dokokin daidaito uku ne kawai, don haka sanda ta huɗu takan tsayar da aiki. A misalinmu uku aka ratsa, biyu daga ciki sun haɗu a mahaɗar tsakiya. Da aka auna ƙarfin juyawa a wannan wuri sai suka fita daga lissafi, ya rage 6 × 4 ÷ 3 = 8. Sandar sama tana shan matsi na kilonuton 8.

Kada a amince da taswirar sai an gwada ta da wani lissafi dabam. A ɗora nauyin a tsakiyar sanda maimakon mahaɗa, za a ga kibiyoyin sun wuce salin-alin, alhali sandar lanƙwasawa take yi, hanyoyin biyu kuma ba su san da lanƙwasa ba. Sai a ƙara akwati a can sama: nauyin a kan mahaɗai yake?