Gargaɗi: Kada ku bari a buɗe muku kwamfuta da imel ɗin wani

Jama'ar Daura, Zango, Sandamu, Mai'aduwa da Ɓaure, musamman ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da na Jami'ar Sufuri, da malamai da masu shagunan buga takardu: duk wanda aka saka masa Windows 11 a shago, ko ya sayo kwamfuta ta hannu daga Kano, ya duba ta yau ɗin nan. Tun da Microsoft ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, mutane ke kai kwamfutocinsu a sauya musu, kuma a wajen sauyin nan ake yin kuskuren da kan cinye aikin shekaru.

Hanya biyu ake shiga Windows. Akwai asusun gida, wanda sunansa da kalmar sirrinsa ke zaune a cikin kwamfutar kaɗai, ba ruwansa da intanet. In ka manta kalmar, tambayoyi uku da ka amsa ranar buɗe shi ne madogararka, domin babu kamfanin da zai turo maka saƙo. Akwai kuma asusun Microsoft, wanda imel ne. Shi kalmar sirrinsa tana wurin kamfanin, ana iya sauya ta daga waya, kuma yakan kwafi fayilolinka zuwa OneDrive. Kowanne na da amfaninsa. Haɗarin shi ne asusun ya zama na intanet, amma ba naka ba.

Ga yadda abin ke faruwa. Windows 11 yakan nace sai an shiga da imel ranar da aka saka shi. Mai gyara yana sauri, kai ba ka kusa, sai ya sa nasa imel ɗin, ya ba ka lamba huɗu ta PIN. Kana shiga lafiya lau, kana zaton komai na hannunka. Alhali PIN ɗin nan wannan kwamfutar kawai yake buɗewa, ba shi ne kalmar sirrin asusun ba. Kuma tun daga sigar 24H2 ta 2024, galibin kwamfutocin da aka saka wa sabon Windows da asusun Microsoft sukan kulle faifan ajiyarsu da BitLocker ba tare da sun tambayi kowa ba, su aika mabuɗin ceto, lamba 48, zuwa asusun da aka shiga da shi. Wato zuwa na mai gyara.

A ce ɗaliba ta gama rubuta kundin kammala karatunta a irin wannan kwamfuta. Wata rana aka sabunta BIOS, ko aka sauya babban allon cikinta bayan wuta ta ƙona shi. Tana kunnawa sai ga shuɗin allo yana neman lamba 48. PIN ba ya aiki a nan. Ciro faifan a jona shi da wata kwamfuta ba ya aiki. Microsoft da kansa ba zai iya ƙirƙiro mata mabuɗin ba. In mai gyaran ya bar gari, ko ya manta imel ɗin da ya sa, abin da ya rage shi ne a goge komai a sake sakawa. Kafin ma a kai nan, hotunan iyalinta da takardunta na iya kasancewa suna hawa OneDrive ɗinsa, yana iya ganinsu a wayarsa.

Dubawar ba ta da wuya. Shiga Settings, sai Accounts, sai Your info. In ka ga Local account ƙarƙashin sunan, asusun gida ne. In ka ga imel, karanta shi da kyau: naka ne? Daga nan ka nemo Command Prompt, ka buɗe shi da Run as administrator, ka rubuta:

```
manage-bde -protectors -get C:
```

In faifan a kulle yake, lamba 48 za ta fito ƙarƙashin Numerical Password. Kwafe ta da biro a takarda, ka adana wurin da kake ajiye takardun makaranta. Kada ka ajiye ta cikin kwamfutar, don ranar da za ka buƙace ta kwamfutar ba za ta buɗu ba.

In imel ɗin ba naka ba ne, fara kwashe fayilolinka zuwa filashi, ka tabbatar suna buɗuwa, sannan ka danna Sign in with a local account instead. Za a iya neman kalmar sirrin asusun, don haka ka nemi mai gyaran tun yana kusa. Sauyin ba ya cire kullin, kuma tsohon mabuɗin yana nan a asusunsa, amma za a iya samun sabo in an kashe kullin an sake kunna shi.

In kuwa imel ɗin naka ne, shiga aka.ms/myrecoverykey daga waya ka ga ko mabuɗin yana nan, ka kuma tabbatar layin da ka yi rajista da shi yana hannunka, domin can ake turo lambar tantancewa.

Masu gyara, don Allah ku daina sa imel ɗinku a kwamfutar jama'a. Ku kira mai ita ya zauna ya sa nasa da hannunsa, ku rubuta masa mabuɗin kafin ya bar shago.