Daga Kantin Kwari Zuwa Birmingham: Kwana Nawa Ne Gaskiya?

A ƙarƙashin hoton turmin atamfa da ƙullin yaji, shagunan intanet na 'yan uwanmu mazauna Birtaniya kan rubuta layi ɗaya: "Kaya na isowa cikin kwana biyar." Wannan gajeren bayani shi mai saye ke riƙewa, kuma shi ne yakan zama mafarin rigima idan biki ya wuce, anko bai iso ba. Sau da yawa mai shagon ba ƙarya ta yi ba. Ita dai ta fara lissafi daga ranar da jirgi ya tashi, mai saye kuma daga ranar da ta tura kuɗi.

A ɗauki misalin wata mai shago a Manchesta, wadda ƙanwarta ke yi mata sari a Kano. Ranar Talata wata uwar gida a Birmingham ta biya kuɗin atamfa turmi biyu, wato yadi goma sha biyu, da kuka da daddawa da yajin tsire. Laraba ƙanwar ta shiga Kantin Kwari, Alhamis ta leƙa Kasuwar Kurmi. Dillalin dakon kaya kuwa ba ya tura kwali ɗaya. Sai ya tara na mutane da yawa, ya rufe karɓa ranar Juma'a. Kayan su gangara Legas, su hau jirgi Litinin, su sauka Landan Talata. Kwastan su sake su Alhamis, Juma'a a miƙa wa masu rabon cikin gida, Litinin a ƙwanƙwasa ƙofa.

Kwana goma sha uku ke nan, ba tare da an sami wata matsala ba. Da Asabar aka yi odar, da kayan sun zauna jiran wata Juma'ar, lissafi ya kai sha shida. Kamfanonin gaggawa irin su DHL kan kai ƙaramin ƙunshi cikin 'yan kwanakin aiki, amma kuɗin dakon na iya kamo kuɗin atamfar. Jirgin ruwa kuma maganar makonni ce, wani lokaci har wata biyu.

Inda aka fi tafka asarar lokaci shi ne haɗa tufa da abinci a kwali ɗaya. Atamfa ba ta da wani tarnaƙi in ban da haraji, amma kayan miya suna jawo bincike. Idan ma'aikaci ya ga farar leda da gari ba suna ba bayani, zai ajiye kwalin gaba ɗaya, shadda da leshi su zauna jiran kuka. Yajin tsire yana da ƙuli-ƙuli a ciki, gyaɗa kuwa tana cikin abubuwa 14 da dokar Birtaniya ta wajabta a bayyana a jikin abincin sayarwa saboda masu borin jini. Kilishi kam kada ma a soma: Birtaniya da Amurka ba sa barin a aiko wa mutum nama daga Nijeriya a ƙunshi, komai bushewarsa. Wata ƙanwar takan cusa shi tsakanin atamfa a matsayin tsaraba, ita a ganinta alheri ta yi.

Masu aikawa Amurka sun sami ƙarin aiki. Tun 29 ga Agustan 2025 aka janye rangwamen da ke barin kayan da ba su wuce dala 800 ba su shiga babu haraji, don haka ƙaramin ƙunshin kasuwanci ma yanzu sai an yi masa lissafi. Ga kuma ƙa'idar sanar da hukumar FDA kafin abinci ya sauka.

Shi ya sa gogaggu a harkar ke raba bayaninsu gida biyu: abin da ke hannu a ƙasar, da abin da sai an sayo daga gida. Bayanin da ya amsa sunansa kan yi kama da haka: "Na hannu a Manchesta, kwana biyu zuwa uku na aiki. Na Kano, muna rufe oda kowace Laraba, kaya su iso cikin mako biyu zuwa uku daga ranar. Kayan miya a kwalinsu daban. Ba ma ɗaukar nama. Idan kwastan sun riƙe kaya, za mu sanar da ke." Kalmar "na aiki" ba ado ba ce, domin Asabar da Lahadi ba sa cikin lissafi, haka ranakun hutun ƙasashen biyu.

Sai kuma ɗinki. Idan za a ɗinka kafin a aiko, alkawarin tela ya shiga lissafi, kuma kowa ya san tela a goman ƙarshe na azumi. Da yake Sallah na matsowa da kimanin kwana goma sha ɗaya kowace shekara, ranar rufe odar bara ba za ta yi wa bana ba. Mai shagon da ta san aikinta takan ƙirgo mako shida baya daga ranar Idi, ta rubuta wannan ranar ƙarara a ƙarƙashin hoton, duk wanda ya zo bayanta kuma ta nuna masa na hannu ko ta faɗa masa kuɗin dakon gaggawa.