Samosar Firiza da Kaskon Mai

Da azumi ya gabato, gidaje da yawa sukan naɗe samosa ɗari ko ɗari biyu, a jera a leda a tura firiza, don kullum da la'asar sai dai a ɗebo a soya. Dabara ce mai kyau, ni ma ita nake yi. Amma duk wadda ta taɓa sakin samosa mai farin ƙanƙara a cikin kasko ta san ƙarar nan, ta kuma san yadda mai ke yin tsalle ya sami bayan hannu. Sai ki ji ana cewa man ne ba shi da kyau, ko wuta ce ta yi yawa. A'a, uwargida, man bai yi laifin komai ba. Ruwa kika kai masa, sai dai ruwan ya zo ne sanye da rigar ƙanƙara.

Bari mu fara da gugguru. Me ke fasa ƙwayar masara a tukunya? Ɗan danshin da ke ƙulle a cikinta ne ke zama tururi, ya nemi hanyar fita ya rasa, sai ya tsaga ɓawon da ƙarfin tsiya. To abin da ke faruwa a kaskon suya ke nan, sai dai a nan ɓawon da tururin ke tsagawa tafasasshen mai ne. Ruwa yana tafasa a digiri 100, shi kuwa man suya yana kaiwa wajen 175 ko 180 ba tare da ya ko motsa ba. Shi ya sa mai ke da yaudara: tukunyar ruwa tana yi miki kashedi da ɓulɓula, shi kuwa yana kwance lamo kamar rijiya da asuba, alhali ya kusa ninka ruwan tafasa zafi. Ɗigon ruwa na faɗawa ciki, nan take ya zama tururi, kuma idan ruwa ya zama tururi yakan kumbura wajen sau 1,700. Kada lissafin ya dame ki. Ki ɗauka kawai cokalin cin abinci ɗaya na ruwa zai cika jarkar mai ruwa guda da tururi, a ƙiftawar ido, kuma duk a ƙarƙashin manki. Ina man zai je? Sai sama, sai gefe, sai hannunki.

Sai ki ce ai ƙullun ƙosai ma da ruwa a cikinsa, amma mai ƙosai tana zaune gaban kasko tun safe ba abin da ya same ta. Gaskiya ne. Ruwan ƙosai yana riƙe a cikin ƙullu, yana fitowa kaɗan-kaɗan ta ƙananan ƙofofi, kamar mutanen da suka ci kasuwa suna watsewa da yamma, kowa da hanyarsa. Wannan shi ne ɗan cuuu ɗin da muke jin daɗin ji, kuma tururin da ke fita shi ke tokare man ya hana shi kutsawa cikin ƙosan. Ƙanƙarar da ke manne a jikin samosa kuwa ba abin da ke riƙe da ita. Tana shiga mai ta saki jikin samosar ta narke, kuma da yake ruwa ya fi mai nauyi, sai ya gangara gindin kasko inda wuta ta fi ci. Can ya taru, man ya danne shi ta sama kamar murfi, sai ya tashi gaba ɗaya lokaci guda. Wannan kasuwa ce da aka yi ihun gobara, kowa ya nufi ƙofa ɗaya. Shi ya sa wani lokaci za ki saka abu, ki ji shiru na ɗan lokaci, har ki miƙa hannu za ki juya, sannan ya yi fas.

Wannan farin burɓushin da kike gani a leda, daga ina yake zuwa? Yawanci daga ɗaukewar wuta. A ɗauke da safe, kayan firiza su fara saki su yi gumi, a kawo da dare gumin ya sake daskarewa a waje. A yi haka sau biyar, sau goma, sai ki buɗe leda ki tarar da ƙanƙara kamar an zuba gishiri. Firiza mai aiki daidai tana riƙe da sanyin digiri 18 ƙasa da sifili, kuma abin da ya zauna a haka ba ya tara ƙanƙara sosai. In kika ga samosa sun manne sun zama dunƙule ɗaya, ledar ta ba ki labarin cewa sun narke sun sake daskarewa. In har sun taɓa narkewa sarai suka yini da ɗumi, ga nama a ciki, ni dai ba na soya su, ko da ba su yi wari ba.

To ga yadda nake yi. Ranar naɗi, ina jera su a faranti ba mai taɓa wani, sai sun daskare sannan in juye a leda, in matse iskar in ƙulle. Ranar suya kuma ba na barin su su narke. Samosar da ta narke rabi-rabi ita ce mafi sharri: fatar ta jiƙe ta yi laushi, ta yage a cikin mai, naman ya zubo da ruwansa. Ina fito da iya wanda zan soya a karon, in kakkaɓe kowace, in goge farin ƙanƙarar da busasshen tsumma mai tsabta, sauran na nan a firiza suna jiran layinsu. Mai kuwa kada ya wuce rabin tukunya, in ma bai kai rabin ba ya fi, kuma tukunya mai zurfi ta fi kasko mai faɗi, domin kumfar farko tana tasowa kamar madarar da aka manta a wuta, tana bukatar wurin hawa. A ɗora samosar a matsami a sauke ta a hankali ta ɓangaren da ke nesa da jikinki. Kada a jefa daga sama kamar mai jefa guga.

Yanzu maganar lokaci, wadda nan ne aka fi yin kuskure. Ki ɗauki zafin da ke cikin mai kamar kuɗin cefane. Samosar da aka naɗe yanzu tana zuwa ba bashi a kanta, duk abin da man ya kashe a kan gasa fata ne da ɗumama ciki. Ta firiza kuwa da bashi take zuwa, kuma sai an biya kafin a fara cefane. Narkar da ƙanƙara kawai, ba tare da ta ko yi ɗumi ba, yana cin zafi kusan daidai da ɗaukar ruwan sanyi ƙarara a kai shi digiri 80. Saboda haka in kika zuba goma sha biyu a lokaci guda, kin yi wa jaki lodin raƙumi. Man ya durƙushe, zafinsa ya faɗi, tururin da ke tokare shi ya yi rauni, sai ya shige cikin fatar. Ki kwashe samosa fara sol, lagwab, tana naso a takarda. Ɗaya kuskuren kuma shi ne a ce bari a ƙure wuta tunda abin da sanyi. Sai ta zama kamar dankalin da aka jefa tsakiyar harshen wuta ba a binne a toka ba: waje ya yi baƙi, ki gutsura ki ji nama da sanyi a haƙori.

Tsakiyar ita ce daidai. A tukunyar da ta ci mai kamar lita ɗaya da rabi, huɗu ko biyar nake sakawa. Sabuwar naɗi tana yi min a minti huɗu zuwa biyar a mai mai zafin 175 ko 180. Ta firiza kuwa nakan sassauta wuta kaɗan, wajen 165 zuwa 170, in ba ta minti shida zuwa takwas, wato a ƙara kamar rabin lokacin da aka saba. Ba kowa ke da ma'aunin zafi ba, kuma ba dole ba ne. Ki tsoma ƙotar cokalin katako busasshe: in ƙananan kumfa suka kewaye ta a natse, man ya yi, in suka taso da hauka, ko kika ga hayaƙi, ya wuce, ki rage wuta ki jira. Kunne ma ma'auni ne. Da farko ƙarar tana da ƙarfi kamar ruwan sama a kan kwano, in ta koma yayyafi kuma fatar ta yi ja, to ruwan waje ya ƙare. Ki fasa ta farko ki duba tsakiya, tururi ya kamata ya taso. In kin kwashe, ki ba man minti ɗaya ko biyu ya maido da ƙarfinsa, kamar yadda ake barin rijiya ta taru bayan an yi ta ja.

Samosa da dankalin leda na kanti suna jure wannan ne don sirara ne, kuma an riga an dafa cikinsu. Shi dankalin ma a kamfani an tsoma shi a ruwan zafi an ɗan soya shi kafin a daskarar, shi ya sa minti uku ko huɗu ke isarsa. Ɗanyar cinyar kaza ko kifi mai ƙanƙara wani zance ne daban. Wannan tubali ne. Kafin zafi ya isa ƙashi waje ya ƙone, ga shi daskarewa ta farfasa naman ta ciki, yana narkewa yana tsiyayo ruwa cikin man har a gama suyar. Waɗannan a narkar da su sarai, ko su kwana a firji, ko a ƙulle a leda a tsoma a ruwan sanyi ana sauya shi duk rabin awa. Ba a shanya su a rana. Sannan a tsane a gwagwa, a goge har cikin kifin. Kazar ma in kika sulala ta tukuna, kamar yadda iyayenmu ke yi, ki bari romon ya tsane kafin ta ga mai. Kaza ta nuna ne idan tsakiyarta ta kai digiri 74, ko ki tsaga kusa da ƙashi ki ga ba ɗanyen nama, ruwan da ke fita kuma garau.

Murfin tukunyar ya kasance kusa da hannu tun kafin a kunna wuta, yara kuma a kore su daga madafa. In mai ya tumbatsa ya kama, a kashe gas, a zura murfi a rufe, a bar shi nan har ya huce. Kada a ɗauki tukunyar a ce za a fita da ita. Ruwa kuwa ko kusa, domin kofi guda jarka goma sha wani abu ce ta tururi, kuma za ta ɗauki man mai ci da wuta ta watsa shi har rufi. Fata ce kaɗai ke son ruwa a nan. In mai ya fallatso miki, ki tara wurin a ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, na minti ashirin, ki cire zobe da awarwaro kafin ya kumbura. Ban da man goge baki, ban da ɗanyen ƙwai, ban da manja. In ƙunar ta kai faɗin tafin hannu, ko ta sami fuska, ko yaro ne, a rufe da ƙyalle mai tsabta a tafi asibiti.