Lambar da Ta Fi Ƙarfin Takarda, da Dabarar da Ke Rusuna Ta

A ce yau Juma'a ce. Wani malamin lissafi ya rubuta lamba 3 sau ɗari a jere a kan allo, ya sa alamar sau a tsakaninsu, sannan ya juyo ya tambayi ɗalibansa: idan aka ƙirga kwanaki masu yawan wannan amsar daga yau, wace rana za a faɗa? Masana lissafi suna rubuta wannan jeren a taƙaice 3^100, wato uku a ƙasa, ɗari a bisa kanta. Lambar da ke fitowa tana da alƙaluma 48. Duniya kanta ba ta yi kwanakin da suka kama ƙafar wannan adadin ba. Amma mai fensir da ƙyallen takarda zai iya ba da amsa kafin shayi ya huce, kuma amsar ita ce Talata.

Dabaru biyu ne aka haɗa, kowace ba ta isa ita kaɗai ba.

Ta farko kowa ya san ta ko da bai taɓa shiga aji ba. Idan aka ce nan da kwana goma, ba wanda ke ƙirga goman nan ɗaya bayan ɗaya. Cire mako guda ake yi, a riƙe ukun da suka rage. Bakwai ɗin nan kamar mudu ne a hannun mai awo: ya cika ya juye, ya cika ya juye, abin da ya rage a gindin buhu wanda bai kai mudu ba shi ne abin nema. Wannan lissafin saura shi ne Carl Friedrich Gauss, Bajamushe, ya tsara wa ƙa'idoji a littafinsa na 1801. Ƙa'idar da ta shafe mu a nan mai sauƙi ce: idan sau za a yi, kuma saura kawai ake so a ƙarshe, to ana iya yin awon a kowane mataki, a zubar da cikakkun mudaye tun lamba ba ta kumbura ba. Amsa ba za ta canja ba.

Da wannan kaɗai, lambobin sun zama ƙanana, amma aikin bai ragu ba. Har yanzu sai an yi sau har 99.

Nan ne dabara ta biyu ke shigowa, kuma ita ce zuciyar maganar. Maimakon a riƙa ƙara uku ɗaya-ɗaya, sai a ɗauki abin da aka samu a yi shi sau kansa. Jeren uku guda biyu sau kansa ya zama jeren guda huɗu. Na huɗu sau kansa ya zama na takwas. Kowane sau guda ɗaya yana ninka lambar sama, sai mai lissafi ya tashi daga 1 zuwa 2, 4, 8, 16, 32, 64 cikin tsalle shida kacal.

Ga yadda abin yake a takarda, da mudun bakwai. Uku sau uku tara ne. A cire bakwai, saura 2, wannan shi ne na 3^2. Biyu sau biyu 4 ne, bai kai mudu ba, shi ne na 3^4. Huɗu sau huɗu 16, a cire sha huɗu, saura 2, na 3^8 ke nan. Daga nan 3^16 ya ba da 4, 3^32 ya ba da 2, 3^64 ya ba da 4. Lamba mafi girma da aka taɓa a duk wannan tafiyar ita ce 16.

Saura a haɗa ɗari. Kamar mai ba da canji ne da ke da takardar kuɗi guda ɗaya tak ta kowane iri: 64 ta shiga, saura 36, 32 ta shiga, saura 4, 16 da 8 sun yi yawa, a tsallake su, 4 ta shiga, an gama. Ɗari ita ce 64 da 32 da 4, kuma kowace lamba a duniya tana da hanya ɗaya tilo ta rarrabuwa haka. Sai a ɗauko saurorin matakan nan uku, wato 4 da 2 da 4. Huɗu sau biyu takwas, saura 1. Ɗaya sau huɗu, 4. Kwana huɗu bayan Juma'a: Asabar, Lahadi, Litinin, Talata. An yi sau-kai shida da sau na haɗawa biyu, jimla takwas a madadin 99.

Mai ido zai lura cewa 2 da 4 ne suka yi ta musanya wuri. Ƙanƙantar bakwai ce ta jawo hakan, domin saurorin da za su iya fitowa ba su da yawa. Da mudun babba ne, ba za a ga wani tsari da zai taimaka ba, kuma dabarar za ta yi aiki daidai wa daida.

Akwai ramin da ɗalibai ke yawan faɗawa. Ganin cewa an halatta auna lambar ƙasa da bakwai, sai su auna ta sama ma: ɗari a cire bakwai-bakwai saura 2, uku sau uku tara, saura 2, su ce Lahadi. Kuskure ne. Lambar sama ƙidayar sau nawa za a yi ce, ba ta cikin kayan da ake aunawa. Tana da nata zagayen daban, wanda a wannan misalin shida ne, ba bakwai ba. Hakan ma ya ba da hanyar tantance amsa: ɗari a cire shida-shida saura 4, 3^4 kuwa 81 ne, a cire 77, saura 4. Talata ta tabbata.

Dabarar ninkawa tsohuwa ce ƙwarai, kuma ba a wajen 'yan kasuwa ko masu duba taurari aka fara ganinta a rubuce ba. A wajen mai nazarin karin waƙa ne. Pingala, wani malami a Indiya wajen shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa, yana son sanin iri nawa za a iya jera gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi a layin waƙar Sanskirit. Wanda ya san awon rubutacciyar waƙar Hausa ya san irin wannan rabon gaɓoɓin. Tunda kowace gaɓa zaɓi biyu gare ta, amsar ita ce biyu sau kanta gwargwadon yawan gaɓoɓin, sai ya ba da ƙa'idar rabawa biyu da sau-kai don a kai gare ta da wuri. Al-Uƙlidisi ya yi bayanin irin wannan a littafin lissafin da ya rubuta a Dimashƙa a 952, Jamshid al-Kashi kuma ya kawo ta a Samarƙand a 1427.

Abin da ya fito da ita daga littattafai zuwa aljihun kowa shi ne sirrin saƙonni. A 1976 Whitfield Diffie da Martin Hellman suka nuna yadda mutum biyu da ba su taɓa haɗuwa ba za su iya yarda a kan mabuɗin sirri ɗaya alhali ana sauraronsu. A 1977 Ron Rivest da Adi Shamir da Leonard Adleman na jami'ar MIT suka fito da tsarin da ake kira RSA. Duka biyun sun dogara ne a kan rashin daidaito guda: zuwa gaba yana da arha saboda wannan dabarar, komawa baya daga saura zuwa abin da aka ɓoye kuwa, in mudun ya yi girma, ba a san wata hanya mai sauri ta yin sa da na'urorin yau ba. Ɗan guntun ƙarfen da ke jikin katin cirar kuɗi, da takardun shaidar da shafukan bankuna da yawa ke nuna wa waya, suna amfani da RSA.

Girman lambobin can ya isa a tsaya a duba. Mudun RSA da aka fi amfani da shi yana da alƙaluma 617. Lambar sama ta fili kuwa galibi 65537 ce, kuma ba da ka aka zaɓe ta ba: 65536 ita ce abin da ake samu in aka ninka ɗaya har sau 16, sai ƙarin 1. Sau-kai 16 da haɗawa guda, aiki 17, an gama. Da za a manta da awo a hanya, lambar za ta kumbura ta haura alƙaluma miliyan 40 kafin a zo rabawa. Lambar sama ta sirri ita ma tsawonta ya kusa na mudun. Da hanyar ɗaya-ɗaya, yawan sau ɗin da za a yi shi kansa lamba ce mai alƙaluma ɗari shida da wani abu, alhali ƙiyasin ƙwayoyin zarra na duk sararin da ake iya hangowa bai wuce alƙaluma tamanin da 'yan kai ba. Da ninkawa, aikin bai wuce sau dubu uku zuwa huɗu ba, domin tsawon lambar sama ne ke yanke kuɗin aikin, ba girmanta ba.

A harshen shirya manhaja na Python, duk dabarar ba ta wuce wannan ba:

```python
def daga(a, n, m):
    amsa = 1
    while n > 0:
        if n % 2 == 1:
            amsa = amsa * a % m
        a = a * a % m
        n = n // 2
    return amsa
```

Harshen ma ya zo da nasa a shirye: `pow(3, 100, 7)` zai ba da 4. Wanda ya rubuta `3**100 % 7` zai sami amsa ɗaya, amma ya gina cikakkiyar lambar kafin ya auna ta. Da lambar sama ta sirri irin ta RSA, na'urar za ta cinye ƙwaƙwalwarta ta sandare ba tare da ta ce uffan ba, kuma wannan ita ce alamar cewa an bar awo sai ƙarshe.

Layin da ya fara da `if` shi ne inda ɓaraka take. A kowane mataki na'ura tana yin sau-kai, amma haɗawa sai a matakin da ya shiga cikin canjin, kamar yadda aka ɗauki 64 da 32 da 4 aka tsallake 16 da 8. Jerin abin da aka ɗauka da abin da aka tsallake kuwa shi ne lambar sama ɗin kanta. In lambar mabuɗin sirri ce, duk wanda ya iya gane matakin da aka yi aiki biyu da wanda aka yi ɗaya ya karanta mabuɗin ke nan. A 1996 Paul Kocher, Ba'amurke, ya nuna cewa auna lokacin da na'ura ke ɗauka a lissafi da yawa ya isa a tono mabuɗi. A 1999 shi da Joshua Jaffe da Benjamin Jun suka wallafa yadda ake yin haka ta auna wutar da kati ke sha: a kan allon na'urar awo, matakin sau-kai kaɗai da matakin sau-kai da haɗawa suna iya fitowa da siffa daban-daban, a bi su ɗaya bayan ɗaya a rubuta mabuɗin.

Lissafin bai yi kuskure ko ɗaya ba, aikin ne ya yi surutu. Shi ya sa masu rubuta manhajar tsaro ba sa amfani da sigar nan ta sama yadda take. Suna sa na'ura ta yi aiki iri ɗaya a kowane mataki, ko ya shiga ko bai shiga ba, ta hanyar tsarin da ya samo asali daga aikin Peter Montgomery na 1987, wanda ake kira tsanin Montgomery. Wasu kuma suna gauraya saƙon da wata lamba ta ka-cici-ka-cici kafin lissafi, su cire ta bayan an gama, don mai auna lokaci ya rasa abin da zai danganta awonsa da shi. Tsanin yana ƙara aiki da kusan kashi ɗaya cikin uku a kan tsohuwar hanyar, wato wajen sau dubu huɗu a inda da dubu uku za a yi.