Gwangwanin da ya fi tsimin ƙarfe: dogo ko gajere?

In kun je wurin mai shayi da safe, ku ɗan dubi teburinsa kafin a miƙo muku kofi. Ga gwangwanin madarar ruwa ɗan gajere ƙaƙƙarfa, ga na lemo dogo siriri, can gefe kuma ga na kifi a baje kamar faifai. Dukkansu ƙarfe ne aka ƙera, a rufe sama da ƙasa, kuma kowane ɗan yanki na wannan ƙarfe kuɗi aka sa aka saya. Masana'antar da ke buga gwangwani miliyan a rana, in ta rage ƙarfe daidai faɗin farce a jikin kowanne, ba ƙaramar riba ta ci ba.

To, a ce an ba ku kwangila. An ce ku ƙera gwangwani rufaffe mai ɗaukar lita ɗaya cif, kuma ku yi amfani da ƙarfe mafi ƙanƙanta. Dogo za ku yi, ko gajere mai faɗi?

Kafin a taɓa biro, a fara ɓarke gwangwanin. Wanda bai son ya yanke hannu, ya ɗauki kwalin da ke tsakiyar takardar goge hannu ya tsaga shi daga sama zuwa ƙasa da almakashi, ya shimfiɗa. Zai ga jikin da ke zagaye ya koma shafi mai kusurwa huɗu, kamar fallen littafi. Haka gwangwani yake. Ɓangarori uku gare shi: murfi, gindi, da bango. Murfi da gindi da'irori ne biyu masu girma ɗaya. Bangon kuwa, tsayinsa shi ne tsayin gwangwanin, tsawonsa kuma shi ne kewayen bakin gwangwanin.

Bari mu sa wa abubuwa suna. Tazarar da ke tsakanin tsakiyar murfi da gefensa, wato rabin faɗin baki, mu kira ta r. Tsayi kuma h. Filin kowace da'ira πr² ne, biyun sun zama 2πr². Kewayen baki 2πr ne, saboda haka filin bango 2πrh ne. Jimillar ƙarfen ke nan:

A = 2πr² + 2πrh

Abin da gwangwanin ke ɗauka kuma, filin gindi ne a ninka da tsayi, wato πr²h. Lita ɗaya daidai take da 1000 cm³, don haka πr²h = 1000.

Nan ne kan maganar yake. Kamar abubuwa biyu ne a hannunku, faɗi da tsayi, amma a gaskiya ɗaya ne. Da zarar kun zaɓi faɗi, tsayi ya zaɓi kansa, domin dole gwangwanin ya ɗauki lita ɗaya. In kun matse baki, sai ya yi sama. In kun buɗe baki, sai ya durƙusa. A lissafi, h = 1000/(πr²). In muka ɗauki wannan muka zuba a gurbin h a cikin lissafin ƙarfe, π da r ɗaya za su kashe juna, a bar mu da:

A = 2πr² + 2000/r

Ku tsaya ku kalli wannan layi da kyau. Kashi na farko na murfi da gindi ne, yana ƙaruwa idan r ya ƙaru. Kashi na biyu na bango ne, yana raguwa idan r ya ƙaru. Ja-in-ja ake yi tsakaninsu, kuma amsarmu tana wani wuri a tsakiya.

Mu gwada da kwalkuleta. In r ya zama santimita 3, tsayin zai haura santimita 35, abu kamar gorar zuba ruwa. Murfi da gindi ba su ci komai ba, murabba'in santimita 57 kawai, amma bango ya lashe 667. Jimilla 723 da 'yan kai. In muka koma ɗaya gefen muka sa r ya zama 10, tsayin bai fi santimita 3 da ɗan ɗigo ba, ya zama tire. Bango ya sauko zuwa 200, amma murfi da gindi sun tashi zuwa 628, jimilla 828. Duka biyun ɓarna ce. Ga abin da ke faruwa a tsakani:

r = 4, A = 601
r = 5, A = 557
r = 6, A = 560
r = 7, A = 594

Lambobin suna sauka, sun kai ƙasa, sun fara hawa. Wanda ya zana su a takardar giraf zai ga siffar kwari, kuma gindin kwarin yana tsakanin 5 da 6. Ɗan ƙaramar sakandare zai iya ci gaba da lalube, ya gwada 5.3, ya gwada 5.4, ya gwada 5.5, har ya matso kusa da amsa. Wannan hanya ce mai kyau, ba abin kunya ba ce.

Amma waɗanda suka fara kalkulas a babbar sakandare suna da gajeriyar hanya. A gindin kwari, ƙasa ba ta gangarawa kuma ba ta hawa, a shimfiɗe take. Wato a daidai wurin, gangaren layin sifiri ne. Sai mu nemo gangaren mu daidaita shi da sifiri:

dA/dr = 4πr − 2000/r² = 0

Daga nan 4πr³ = 2000, wato r³ = 500/π, kimanin 159.15. Wace lamba ce in an jera ta sau uku an ninka za ta ba da 159.15? Ita ce 5.42. Rabin faɗin ke nan, cikakken faɗin baki kuwa santimita 10.84. Yanzu a nemo tsayi: 1000 a raba da π sau 5.42 sau 5.42. Abin da ya fito, santimita 10.84.

Lamba ɗaya ce ta fito sau biyu, kuma ba dace ba ne. A sake lissafin da V a maimakon 1000, za a samu 2πr³ = V. Tunda V ɗin dai shi ne πr²h, to 2πr³ = πr²h, a kashe πr² a kowane gefe, saura h = 2r. Ko cokali ɗaya gwangwanin zai ɗauka, ko tankin ruwa ne na unguwa guda, in dai rufaffe ne, tsimin ƙarfe yana nan inda tsayi ya yi daidai da faɗi. In an dube shi daga gefe, tsayinsa da faɗinsa ɗaya, kamar a zana murabba'i. Na lita ɗaya zai ci ƙarfe murabba'in santimita 554.

Akwai wata alama da za ku gane kun yi daidai ko da babu malami kusa. A wurin amsar, bango yakan ci ninki biyu na abin da murfi da gindi suka ci a haɗe. A misalinmu bango 369 ne, murfi da gindi kimanin 185. In kuka gama lissafi kuka ga ba haka ba, ku koma baya, akwai inda aka zame. Kuma wuraren zamewar sanannu ne. Wasu sukan rubuta 1 a gurbin 1000 saboda an ce lita ɗaya, sai su samu gwangwani ɗan mitsitsi kamar ƙwayar gyaɗa. Wasu sukan ɗauki r a matsayin cikakken faɗi. Mafi yawa kuwa, mantawa suke da murfi, su rubuta πr² a maimakon 2πr². Wannan wata tambaya ce dabam, ta mazubi buɗaɗɗe irin tukunya marar murfi, kuma amsarta h = r ce, wato tsayi rabin faɗi. Shi ya sa a jarrabawa ake fara neman kalmar nan guda, rufaffe ne ko buɗaɗɗe, kafin a rubuta komai.

Yanzu mai wayo a cikinku zai ɗaga hannu ya ce, to in haka ne, me ya sa gwangwanin lemo ya fi tsayi nesa ba kusa ba? Wanda aka saba gani mai ɗaukar mililita 330 faɗinsa kimanin santimita 6.6 ne, tsayinsa kimanin 11.5. Lissafinmu kuwa cewa ya yi a yi shi 7.5 da 7.5. Injiniyoyin ba su iya lissafi ba ne?

Sun iya. Mu ne muka yi wani zato ba tare da mun faɗa ba: mun ɗauka kaurin ƙarfen ɗaya ne ko'ina. Ku matsa jikin gwangwanin lemo da ba komai a ciki, zai loɓa kamar takarda. Ku matsa murfin, ko gezau. Murfin ya fi kauri sosai, domin shi ke riƙe da abin buɗewa, kuma dole ya jure ƙarfin iskar da ke cikin lemon. In muka ce murfi da gindi sun ninka bango kauri sau biyu, kashi na farko na lissafinmu zai koma 4πr², kuma amsa ta zama h = 4r, tsayi ninki biyu na faɗi. Abu mai tsada shi ake ragewa, shi ya sa gwangwanin ya rame ya yi tsayi. Ku lura ma yadda wuyansa ke tsukewa daga sama, don murfin ya ƙara ƙanƙancewa ne.

Akwai kuma maganar yanka. Ƙarfe a shimfiɗe yake zuwa, kuma duk wanda ya taɓa ganin tela ya yanko wuyan riga ya san ba a fitar da da'ira daga ƙyalle ba tare da guntaye sun zuba ba. A ce kowane murfi daga ɗan murabba'i ake yanko shi, kusurwoyin huɗu kuma su tafi a banza. Ke nan kowane murfi ya ci 4r², biyu sun ci 8r². Ku gwada da kanku: A = 8r² + 2000/r. Za ku samu r³ = 125, wato r santimita 5 cif, tsayi kuma 12.7. Nan ma gwangwanin ya ƙara tsayi, ko da yake ba sosai ba, kuma masana'antu sukan jera da'irorin kamar saƙar zuma, su kuma sayar da guntayen a narkar, don rage asarar.

Abin da ya ba su damar yin wannan wasa yana cikin jerin lambobin da muka yi tun farko. Ku sake dubawa: a r = 5 ƙarfen 557 ne, a r = 6 kuma 560, alhali mafi ƙanƙanta 554. Bambancin bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari ba sai da ɗan kaɗan. Gindin kwarin yana da faɗi, saboda haka mai ƙera gwangwani zai iya ɗan matsawa hagu ko dama, don hannun yaro ya iya riƙe shi ko don ya zauna daidai a cikin katan, ba tare da ya yi hasarar a zo a gani ba. Sai an yi nisa da tsakiya sannan farashi yake cizo. Irin gwangwanin kifin nan mai zagaye da ke baje yana cin ƙarfe fiye da ƙima, amma an haƙura da hakan don a iya fitar da abin da ke ciki da cokali cikin sauƙi.

Aikin wannan mako: ku samo gwangwanaye uku a gida, na madarar ruwa, na tumatir, da na lemo. Ku auna faɗi da tsayin kowanne da rula, ku raba tsayi da faɗi. Wanda amsarsa ta fi kusa da 1, shi ne ya fi bin lissafinmu. A wanke su tukuna, kuma a kula da bakin wanda aka buɗe da wuƙa.