Hanyoyi Uku na Gano Hukuncin Kotu da Sashen Doka

A ce malami ya ba ɗalibar lauya wannan tambaya: wani ya jinginar da gidansa ga banki ba tare da amincewar gwamna ba, bashi ya gagara biya, shin banki na da ikon sayar da gidan? Amsar tana cikin dokoki da hukunce-hukuncen kotu, kuma hanyoyin gano ta uku ne: maudu'i, kalma, da lambar hukunci. Wahalar yawancin ɗalibai ita ce rashin sanin wadda za su fara da ita.

Da maudu'i ake farawa. Kafin ta taɓa kwamfuta, sai ɗaliba ta tambayi kanta a wane fanni matsalar ta faɗa. Wannan maganar ƙasa ce, kuma a ƙarƙashinta maganar jingina. Littafin darasi zai kai ta ga Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978. Sashe na 22 ya hana mai haƙƙin mallaka irin wanda gwamna ke bayarwa ya sayar ko ya jinginar sai da amincewar gwamnan, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar ba shi da inganci. A nan take samun ainihin kalmomin da alƙalai ke amfani da su.

Daga nan sai binciken kalma a rumbunan intanet irin su LawPavilion ko NigeriaLII. Da yake da Ingilishi ake rubuta hukunce-hukuncen manyan kotuna, da shi za ta yi nema:

```
"Governor's consent" AND mortgage
```

A rumbunan da ke karɓar wannan tsari, alamun zance suna sa a nemo kalmomin a jere, `AND` kuma yana tilasta duka biyun su fito a hukunci ɗaya. Idan sakamako ya yi yawa har da shari'un da ba ruwansu da gidaje, neman ya yi faɗi, sai ta ƙara `"section 22"`. Idan ya yi kaɗan, wataƙila alƙalai sun yi amfani da wata kalma, sai ta gwada `alienation`. Raunin wannan hanya shi ne kwamfuta haruffa take kamawa, ba ma'ana ba.

A cikin sakamakon za ta ga ana ta ambaton hukunci guda. Nan lamba take shigowa:

```
Savannah Bank v. Ajilo (1989) 1 NWLR (Pt. 97) 305
```

Shekara ce ta fara, sai juzu'i na 1 na wannan shekarar, sai NWLR, wato rahoton hukunce-hukunce na mako-mako da marigayi Gani Fawehinmi ya kafa a 1985, sai kashi na 97, sannan shafi na 305 inda hukuncin ya fara. A ɗakin karatu lambar kashi ce ta fi saurin kai mutum ga littafin. Lambar ta fi sunan masu shari'a aminci, domin banki ɗaya yana iya samun shari'u da dama.

A wannan shari'a, Ajilo ya mallaki filinsa a Legas tun kafin 1978, don haka banki ya ce ba a buƙatar amincewar gwamna. Kotun Ƙoli ta ƙi wannan hujja. Ta ce wanda sashe na 34 ya ɗauka tamkar gwamna ne ya ba shi haƙƙin, shi ma sashe na 22 ya hau kansa, saboda haka jinginar ta rushe.

Ɗalibar da ta tsaya a nan ta samu rabin amsa. Sai ta sake sa lambar a akwatin nema don ganin hukunce-hukuncen da suka ambace ta daga baya. Za ta ci karo da `Awojugbagbe Light Industries v. Chinukwe (1995) 4 NWLR (Pt. 390) 379`, inda Kotun Ƙoli ta bayyana cewa dokar ba ta hana a ƙulla yarjejeniya kafin a nemi amincewa ba, sai dai cinikin ba ya cika sai amincewar ta samu. Ashe tambayar malamin tana da ƙari: an samu amincewar daga baya, ko ba a taɓa samu ba?

Dokoki ma suna da nasu tarko. Dokar Amfani da Ƙasa ita ce `Cap. 202` a kundin dokokin tarayya na 1990, amma `Cap. L5` a na 2004. Dokar Shaida ta 2011 ta maye gurbin tsohuwa kuma lambobin sassa sun canza, saboda haka sashen da tsohon hukunci ya ambata yana iya zama wani abu daban a yau.

Taƙaitawar da ke saman hukunci kuma aikin edita ne, ba maganar kotu ba. Kafin ɗalibi ya kafa hujja da kowane hukunci, ya karanta jagoran hukuncin da kansa, ya tabbatar maganar da ya ɗauko ba ta alƙalin da ya saɓa wa rinjaye ba ce, sannan ya rubuta shafin da ta fito.